Amanar Kunne: Yadda Ake Taƙaita Naɗaɗɗen Wa'azi Ba a Sauya Nufin Malami Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, mafi yawan wa'azin da ake yi a masallatanmu da majalisun karatunmu a yau ana naɗar sa, amma kaɗan ne daga cikin jama'a suke zama su saurari faifan tun daga farkonsa har ƙarshensa. Abin da ya fi isa gidaje shi ne taƙaitawar da wani ɗalibi ya rubuta a waya, ko rahoton da ɗan jarida ya fitar, ko kuma abin da maigida ya kawo wa iyalinsa da baki bayan ya dawo daga masallaci. Ashe ke nan, a wurin dubban mutane, mai taƙaitawa shi ne bakin malami. Abin da ya rubuta da shi za a yi ibada, da shi za a yi gardama, kuma da shi za a yabi malamin ko a zarge shi.

Mu fara da lissafi, domin mu ga nauyin aikin. Mu ƙaddara malami yana furta kalma 130 a kowane minti, wanda ba sauri ba ne ga mai wa'azi. Karatun minti 40 zai tashi kalma 5,200. Wanda zai mayar da shi kalma 400 zai riƙe kalma ɗaya ne cikin kowace goma sha uku, ya zubar da goma sha biyu. Zubarwar ba laifi ba ce, domin ita ce taƙaitawar kanta. Tambayar da wannan rubutu yake son amsawa ita ce: wace kalma ce ake zubarwa ma'ana ta tsaya da ƙafafunta, wace ce kuma idan aka taɓa ta sai ginin ya rushe?

Abin da malaman hadisi suka shimfiɗa

Malaman hadisi sun riga mu fuskantar wannan tambaya, sun kuma yi mata babi biyu a littattafansu: babin ruwaito hadisi da ma'ana, da babin taƙaita shi. Alhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya tattauna su a cikin Alkifaya. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643, ya tsara su a Muƙaddimarsa, sannan Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, ya tace su a Nuzhatun Nazar. Tun a zamanin tabi'ai akwai masu tsanantawa irin su Muhammad ɗan Sirin, waɗanda suke so a kawo lafazi kamar yadda aka ji shi, akwai kuma masu sauƙaƙawa irin su Hasanul Basari, waɗanda suka yarda a kawo ma'ana idan an dace da ita.

Matsayar da mafi yawansu suka tsaya a kai tana da sharaɗi biyu. Na farko ya shafi mutumin: sai wanda ya san abin da kalmomi suke nufi, ya kuma san abin da yake karkatar da ma'ana daga inda aka dosa. Na biyu ya shafi abin da za a yanke: sai ya zama yanki ne mai cin gashin kansa, wanda ragowar maganar ba ta rataya a wuyansa ba. Misalin da Ibnu Hajar ya bayar na abin da jahili yakan yanke ya ɓata magana shi ne togaciya, wato irin abin da muke shigarwa da “sai dai” ko “ban da”. Haka kuma an ruwaito daga sahabbai irin su Abdullahi ɗan Mas'ud da Anas ɗan Malik cewa idan suka kawo hadisi sukan biyo shi da abin da yake nuna cewa haka aka faɗa ko kusa da haka, domin mai sauraro ya san iyakar abin da suka ɗauki alhakinsa.

Akwai misali sananne da yake nuna cewa ko manya ba su tsira daga santsin taƙaitawa ba. An ruwaito hadisi daga Suhailu ɗan Abu Salih, daga mahaifinsa, daga Abu Huraira, game da mutumin da ya ji motsi a cikinsa yana masallaci, ya shiga kokwanto ko alwalarsa ta warware. Ma'anar hadisin ita ce kada ya fita har sai ya ji ƙara ko ya ji wari. Magana ce a kan mai shakka, tana koya masa kada ya bar yaƙini saboda waswasi. Amma Shu'uba ɗan Hajjaj, wanda ya rasu a 160, babban limami a wannan fanni, ya ruwaito shi daga Suhailu da gajeren lafazi mai nuna cewa alwala ba ta wajaba sai saboda ƙara ko wari. Tirmizi ya kawo ruwayoyin biyu kusa da juna. Abu Hatim Arrazi ya bayyana cewa Shu'uba taƙaita hadisin ya yi, ko da yake wasu malamai daga baya sun ɗauke su hadisai biyu daban. Ko ma wane ɓangare mutum ya bi, darasin a fili yake. Da aka cire mai shakka da masallaci daga cikin maganar, sai hukuncin da aka yi wa hali guda ya koma kamar ƙa'ida mai game komai, har wanda bai sani ba zai iya zaton fitsari da barci mai nauyi ba sa warware alwala.

Wa'azin malami ba hadisi ba ne, kuma ba ma ɗora shi a matsayin hadisi. Amma hanyar da magana take lalacewa a hannun mai isar da ita iri ɗaya ce, don haka ma'aunin da suka kafa yana yi mana aiki.

Kafin a ɗora alƙalami

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa faifan cikakke ne. A saurari farkonsa: an ji buɗewar majalisi, ko kuwa magana ta faro ne daga tsakiyar jimla? A saurari ƙarshensa: an ji addu'ar rufewa, ko murya ta yanke ne kwatsam? A kula da tsakiya, inda sautin wuri yake sauyawa nan take, ko tari ya katse a rabi, ko malami ya ce “kamar yadda muka faɗa ɗazu” alhali ba a ji ya faɗa ba. Waɗannan alamun yanka ne. Wanda ya sami guntun minti biyu daga karatun sa'a guda ba shi da abin taƙaitawa a hannunsa. Iyakar abin da zai iya cewa shi ne ya ji wani yanki, kuma ga abin da yake cikin yankin.

Mataki na biyu shi ne sauraro sau uku, kowanne da aikinsa. A na farko ba a rubuta komai, ana neman amsar tambaya ɗaya ce: me malam yake so jama'a su tashi da shi? A na biyu ana riƙe da takarda, ana rubuta minti da abin da aka faɗa a cikinsa, layi ɗaya ga kowace gaɓa. Na uku yana zuwa ne bayan an gama rubuta taƙaitawar, a bi ta jimla bayan jimla ana komawa mintin da aka ciro kowace. Jimlar da aka rasa mintinta, daga kan mai rubutu ta fito, sai a goge ta.

A sauraro na biyu ne ake yin aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wato rarrabe muryoyi. Baki ɗaya ne yake magana a faifan, amma maganganun ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai abin da malam ya tsaya a kai a matsayin ra'ayinsa. Akwai abin da ya hakaito daga wani littafi ko wata mazhaba. Akwai abin da ya kawo domin ya rushe shi. Akwai tambayar da ya karanta daga takardar da aka miƙo masa. A majalisin tafsiri kuma akwai muryar alaramma mai jan baƙi. Kowace gaɓa a takardar mai taƙaitawa tana bukatar alama a gefenta mai nuna mai ita.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wani malami ya yi karatu na minti 40 a ƙarshen Sha'aban a kan azumin mai ciki da mai shayarwa. Ga abin da takardar ɗalibi mai kula za ta ƙunsa.

Daga minti na 1 zuwa na 6, buɗewa ce da falalar watan Ramadan. Daga na 7 zuwa na 14, malam ya kafa asali: mai ciki da mai shayarwa azumi wajibi ne a kansu matuƙar ba sa jin tsoron cutuwa. Daga na 15 zuwa na 22, ya karanto hukuncin Malikiyya daga Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani: mai shayarwa tana iya shan azumi idan ta ji wa ɗanta tsoro, kuma ba ta sami wadda za ta shayar mata da shi ba ko ya ƙi karɓar nonon wata; sannan za ta rama, ta kuma ciyar da mudunnabi ɗaya a madadin kowace rana. A minti na 20 ya ce mai ciki ma haka za ta yi. Daga na 23 zuwa na 29, ya kawo saɓani: Hanafiyya ramuwa kawai suka ɗora musu, Shafi'iyya da Hambaliyya sun haɗa ramuwa da ciyarwa idan tsoron saboda ɗan ne kaɗai, an kuma ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar cewa ciyarwa ta isar ba sai an rama ba. Ya rufe wannan gaɓa da cewa shi a kan mazhabar Malik yake ba da fatawa. Daga na 30 zuwa na 33, ya yi raha da matan da suke fakewa da goyo, ya ce: “Yaro ya shekara biyu yana cin tuwo, sai a ce uwarsa ta sha azumi?” Daga na 34 zuwa na 40, tambayoyi ne. Wata ta rubuto cewa jaririnta ɗan wata uku ne, ba shi da lafiya, kuma likita ya gargaɗe ta. Malam ya ce ita kam wajibi ne ta sha. A minti na 38 ya ce ya yi tuntuɓen harshe ɗazu: mai ciki ramuwa kawai za ta yi a zance mafi shahara a mazhaba, babu ciyarwa a kanta.

Yanzu ga yadda irin wannan karatu yakan fito a hannun mai gaggawa: “Malam ya ce mai ciki da mai shayarwa ba sa azumi, ciyarwa kawai za su yi, mudu ɗaya kullum.” Kusan kowace kalma a wannan jimla an ji makamanciyarta a faifan, amma jimlar gaba ɗayanta malam bai faɗe ta ba. Ɓarna huɗu ce a cikinta.

Ta farko, an jefar da sharaɗi. Malam ya rataya rangwamen a kan tsoron cutuwa da rashin wata mai shayarwa, taƙaitawar kuwa ta sake shi ga kowace mace mai goyo. Wannan ita ce irin ɓarnar da muka gani a misalin alwala. Ta biyu, an ɗauki zancen da malam ya hakaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar an mayar da shi fatawarsa, alhali ya faɗa da bakinsa cewa ba a kansa yake ba da fatawa ba. Ta uku, an haɗa mai ciki da mai shayarwa a hukunci ɗaya, saboda mai rubutu ya tsaya a minti na 20 bai kai na 38 ba. Ƙa'ida a nan ita ce gyaran da mai magana ya yi wa kansa yana shafe abin da ya gabata, kuma ba adalci ba ne a riƙe mutum da kalmar da ya janye a majalisi ɗaya. Ta huɗu, mudunnabi ya koma mudu. Mudun Annabi (SAW) cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, guda huɗu suke yin sa'i ɗaya, ma'aunin zakkar fid-da-kai ta mutum guda. Mudun kasuwa ya ninka shi, kuma girmansa ya bambanta daga gari zuwa gari.

Mu dubi abin da wannan zai jawo a cikin gida. Mace ta sha kwana 12 saboda jaririnta. Bisa abin da malam ya karantar, kwana 12 na ramuwa suna kanta, da mudunnabi 12, wato sa'i uku. Bisa taƙaitawar, za ta auna mudun kasuwa 12 ta bayar, ta ɗauka ta sauke nauyi, ba ta rama ko kwana ɗaya ba, kuma tana jingina hakan ga malamin da bai faɗa mata haka ba. Wata kuma da yaronta ya riga ya kama cin abinci za ta ajiye azumin wata guda babu uzuri. Idan labari ya koma wa malam ya musanta, sai a ce ya canja magana.

Ga kuma taƙaitawar da ta riƙe amana, ba ta kai kalma 150 ba: “A karatun da ya gabatar a ƙarshen Sha'aban, malam ya bayyana cewa azumi wajibi ne a kan mai ciki da mai shayarwa matuƙar ba sa tsoron cutuwa. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda a kanta yake ba da fatawa, mai shayarwa tana iya sha idan ta ji wa ɗanta tsoro kuma babu wata da za ta shayar da shi. Sai ta rama, ta kuma ciyar da mudunnabi ɗaya a madadin kowace rana. Mai ciki kuwa ramuwa kawai za ta yi. Ya ambaci cewa akwai saɓani, har an ruwaito daga wasu sahabbai cewa ciyarwa ta isar, amma bai ɗauki wannan zance ba. Da yake amsa tambayar wata mai jariri marar lafiya da likita ya gargaɗa, ya ce a irin halinta shan azumin wajibi ne. Wannan taƙaitawa ce da lafazin mai rubutu. Cikakken bayani yana cikin faifan, daga minti na 7 zuwa na 40.”

Mai karatu zai lura da abin da aka zubar: buɗewar minti shida, rahar da aka yi, jerin sunayen mazhabobi, da tuntuɓen harshen da aka gyara. Duk waɗannan yankuna ne da ragowar maganar ba ta rataya a kansu ba. Abin da aka riƙe kuwa shi ne hukunci, da sharaɗinsa, da mai shi, da adadinsa, da wanda aka yi wa shi.

Tarkunan da suke cikin harshenmu

Akwai wuraren da Hausa da kanta take bukatar a yi hattara idan za a mayar da murya rubutu. Na farko shi ne tambaya. Sau da yawa Bahaushe ba ya sa “shin” ko “ko”, da karin murya kawai yake nuna tambaya yake yi. Jimlar malam ta minti na 30, idan aka rubuta ta babu alamar tambaya, za ta koma “sai a ce uwarsa ta sha azumi”, wato umarni da abin da yake yi wa ba'a. Tambayar inkari da gatse ba sa jure taƙaitawa. Ko dai a bar su gaba ɗaya, ko a faɗi manufarsu a fili: malam ya soki masu fakewa da goyon yaron da ya riga ya girma.

Na biyu shi ne ƙananan kalmomin da kunne yake tsallakewa: “wai”, “an ce”, “idan”, “matuƙar”, “galibi”, “wataƙila”, “a ganina”. Kalmar “wai” harafi uku ce, amma ita ce katangar da take tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da yake nesanta kansa daga gare shi. Wanda ya ce “wataƙila hadisin yana da rauni” bai ce hadisin ƙarya ne ba. Mai taƙaitawa yakan ga waɗannan kalmomi kamar ciko ne, alhali su ne ma'aunin yaƙinin mai magana.

Na uku shi ne matakan hukunci. A bakin malamin fiƙihu, “ya halatta” da “an so” da “wajibi ne” matakai ne daban-daban, haka ma “bai kamata ba” da “makaruhi ne” da “haramun ne”. A misalinmu, malam ya ce mai shayarwa “tana iya” sha, ya kuma ce wa mai jariri marar lafiya “wajibi ne” ta sha. Wanda ya haɗe su ya ce “dole mai shayarwa ta sha azumi” ya ɗauki amsar mace ɗaya ya raba wa mata duka. Kalmar hukunci ana ɗaukar ta ne yadda malam ya furta ta, ba a musanya ta da wadda ta fi ta zafi ko ta fi ta sanyi.

Na huɗu shi ne kalmar da ake gabatar da zance da ita. “Ya ce” da “ya bayyana” ba sa ɗaukar ɓangare. Amma “ya yi iƙirarin” tana jefa shakka a kan maganar, “ya caccaki” tana ƙara mata wutar da wataƙila babu ita a muryar, “ya amince cewa” kuma tana nuna kamar an matsa masa ne. Haka nan idan malam ya soki wata ɗabi'a bai ambaci sunan kowa ba, mai taƙaitawa ba shi da ikon ya sa suna, ko da yana ganin ya gane wanda ake nufi. Wannan ya shafi kanun labari fiye da komai, domin mutane da yawa a kansa suke tsayawa. Kanun da ya dace da misalinmu shi ne wanda ya ambaci batun, kamar “Hukuncin azumin mai ciki da mai shayarwa”. Wanda ya ce “Malam ya sauke wa masu goyo azumi” ya yanke hukuncin da jikin rubutun zai ƙaryata.

Abin da ba a taƙaita shi

Wasu abubuwa ko dai a kawo su cikakku ko a yi nuni zuwa wurinsu a faifan. Ayar Alƙur'ani ba a ruwaito ta da ma'ana a ce ita ce ayar. Sai a ambaci sura da lambar aya, a ce malam ya kafa hujja da ita. Lafazin zikiri da addu'o'in da aka koyar ma haka ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da Bara'u ɗan Azib yake maimaita addu'ar kwanciya barci da Annabi (SAW) ya koya masa, ya sa kalmar Manzo a gurbin kalmar Annabi, sai aka mayar da shi ga lafazin farko. Lissafin gado da nisabin zakka ba sa karɓar “kusan kaza”. Fatawar saki kuwa ta fi kowacce haɗari, domin tana rataye ne da ainihin lafazin da mijin ya furta da halin da ya furta shi, don haka amsar da aka ba wani gida ba ta zama hukuncin wani gidan.

Akwai kuma iyakar da ɗalibai masu ƙoƙari suka fi faɗawa cikinta, wato gyara wa malam magana a ɓoye. Idan mai taƙaitawa ya ga malam ya jingina hadisi ga Buhari alhali na Tirmizi ne, ko ya ga ra'ayin da ya ɗauka ba shi ne mafi ƙarfi ba, ba aikinsa ba ne ya sauya shi a cikin taƙaitawar. Zai rubuta abin da aka faɗa, sannan ya ware nasa bayanin a ƙasa da sunansa, ko ya koma wa malam ya nuna masa. Ƙawata maganar mutum da abin da bai faɗa ba jingina masa ƙarya ne, ko da abin da aka ƙara ɗin gaskiya ne a kan kansa.

Yadda ake gwada taƙaitawa

Bayan sauraro na uku, akwai gwaji mai sauƙi. A miƙa rubutun ga wanda bai ji faifan ba, a yi masa tambaya huɗu: mene ne hukuncin, a kan wa yake, da wane sharaɗi, kuma malam da kansa ya tsaya a kai ko hakaitowa ya yi? Idan amsoshinsa suka dace da abin da yake cikin faifan, rubutun ya tsaya. Idan ya ce “ai duk mai goyo ba ta azumi”, to akwai sharaɗin da ya zube a hanya, sai a koma a nemo shi. Gwaji na biyu shi ne mai rubutu ya tambayi kansa ko zai iya karanta wannan taƙaitawa a gaban malamin da almajiransa ba tare da ya sassauta wata jimla ba. Inda hali ya yi, a kai masa ya gani kafin a yaɗa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wannan dama ta ƙarshe ba ta samuwa ga malaman da suka riga mu gidan gaskiya, kuma muryoyinsu suna nan a hannun jama'a. Karatuttukan Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, da na Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, da na Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda ya rasu a 2007, ana ci gaba da sauraron su, an kwashe da yawansu daga kaset zuwa waya. Kaset yana da fuska biyu, kuma abin da aka faɗa lokacin da ake juya shi yakan ɓace, sannan karatu ɗaya yakan rabu a kaset fiye da ɗaya. Mai taƙaita irin wannan sai ya faɗi littafin da ake karantawa da wurin da aka tsaya, da shekarar idan ya san ta, domin malami yakan yi bayani a taƙaice a wani zama ya faɗaɗa shi a wani, yakan kuma sauya fahimta bayan shekaru. Kada ya ce “ra'ayin Shaihu shi ne kaza” daga faifai guda. Ya ce “a wannan karatu ya faɗi kaza”.

Shi ma mai karatu a gida yana da alamun da zai gane taƙaitawar da ba ta da tushe. Ba ta faɗin wuri da lokacin da aka yi karatun. Hukunci yana zuwa a cikinta tsirara, babu “idan” babu “sai dai”, alhali mas'alolin fiƙihu kaɗan ne suke zuwa haka. Tana sa dogon zance cikin alamar ɗauko magana ba tare da nuna mintin da aka faɗe shi ba. Kuma abin da ta jingina wa malamin ya saɓa wa abin da aka san shi da shi shekara da shekaru. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya nemi faifan ya saurara kafin ya yi aiki da abin da ya karanta, kafin kuma ya tura wa wani. Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa gargaɗin cewa mutum ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji ya ishe shi shiga sahun maƙaryata.

Allah Ya sa mu cikin masu sauraron magana su kiyaye ta, su isar da ita kamar yadda suka ji ta. Allah ne Mafi sani.